Amshi: Yadda Mawaƙi Yake Jawo Taro Cikin Waƙarsa

Akwai mutane da yawa a ƙasar Hausa da za su rantse sun haddace waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, amma idan aka ce su rera guda daga farko har ƙarshe sai magana ta tsaya. Abin da yake bakinsu layi ɗaya ne, wanda 'yan amshi suke ta maimaitawa. Shi za su kawo daidai, da karinsa da komai, har da kaɗa kai, sauran kuwa sai dai su tuno guntu nan, guntu can. Ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya jawo haka ba. Mawaƙin ne ya tsara waƙar ta yadda wannan layin zai zama rabon jama'a, sauran kuma ya zama nasa.

A ƙungiyar makaɗan Hausa ta gargajiya aiki a rabe yake. Akwai jagora, wato uban kiɗi, wanda yake ba da waƙa. Akwai 'yan amshi da suke karɓa masa, waɗanda galibi su ne kuma suke riƙe da kayan kiɗan. Ita waƙar tana da gindi, shi ne layin ko layukan da ake komawa gare su a kai a kai, sannan tana da ɗiya, wato sassan da jagora yake kawo sabuwar magana a cikinsu. Waɗannan sunaye su ne masu nazari suke amfani da su, kuma littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, wanda ya fito a 1993, ya taimaka ƙwarai wajen zaunar da su a makarantu. Gindin waƙa yakan ɗauki sunan wanda aka yi wa waƙar ko kirarinsa, shi ya sa sau da yawa da gindin ake kiran waƙar baki ɗaya, tun da makaɗan da ba sa zama su raɗa wa waƙa wani suna na daban.

Ba kowane amshi ne jama'a suke iya shiga ba. Akwai wanda aka bar shi a buɗe don kowa, akwai wanda sai ƙwararru. Bambancin nan shi ne ya raba Shata da makaɗan fada, kuma shi yake bayyana dalilin da ya sa wani taron yake ɗaukar waƙa da baki, wani kuma yake zama tsit yana saurare alhali duk biyun suna jin daɗi.

Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, wanda ya rasu a 1999, da kalangu aka san shi. A mafi yawan waƙoƙinsa aikin 'yan amshi ɗaya ne: su riƙe gindi, su maimaita shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Shi kuma ya yi ta zuba magana a tsakani, wani ɗan gajere, wani dogo, wani lokacin ma layi guda tak sai ya sake su. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, kuma wannan tsari na amshi yana cikin abin da ya sa hakan ya yiwu. Daƙiƙun da yaransa suke rera gindi su ne lokacin da yake shaƙar numfashi, ya dubi taron, ya hango wanda ya shigo yanzu, ya shirya abin da zai faɗa a kansa. Da a ce 'yan amshinsa sai sun san abin da zai biyo baya kafin su buɗe baki, da ba zai iya sauya hanya yadda ya ga dama ba.

Ga mai sauraro kuwa ribar ta fi haka. Idan waƙa ta ɗauki minti goma sha biyar, mutum zai ji gindin nan sau da yawan gaske, da kari ɗaya, a wuri ɗaya na kiɗan. Kafin a kai tsakiya ya riga ya zauna masa. Ba wanda ya ce masa ya haddace, kuma ba wanda ya ce masa ya karɓa, sai dai ya tsinci bakinsa yana motsi. Da gidajen rediyo irin na Kaduna suka riƙa sa waƙoƙin, abin ya wuce dandalin da aka yi kiɗan, ya kai ga direba a tasha da tela a shago, kowa yana karɓa wa mawaƙin da ba ya ganinsa.

Don a ga yadda ake gina irin wannan amshi, ga misali da aka ƙaga musamman saboda wannan bayani, ba waƙar kowa ba ce. A ɗauka makaɗin gangar noma ne aka gayyato wurin gayya, yana so ya zuga wani ƙaƙƙarfan manomi, yana kuma so sauran masu garma su karɓa masa. Sai ya kafa gindi kamar haka:

Gona ta san ka, sha rana.

Gaɓoɓi takwas ne: go, na, ta, san, ka, sha, ra, na. Mutum zai iya fitar da su da numfashi guda ko da a sunkuye yake yana aiki. Bakwai daga cikinsu masu nauyi ne, wato ko dai wasalinsu dogo ne ko baƙi ya rufe su, guda ce kawai marar nauyi, ita ce "ka". Irin wannan jeri yana tafiya da taku mai ƙarfi, yana ba makaɗi damar sa bugu a kan kusan kowace gaɓa. Layin ya ƙare da dogon wasali, don haka murya hamsin za su iya jan ƙarshensa tare ba tare da an ji wanda ya riga wani tsayawa ba. Babu kalmar da yaro ɗan shekara bakwai bai sani ba. Sannan maganar da ke ciki ba ta ɗaure ga wani ɗa na musamman ba, duk abin da jagora ya faɗa game da manomin, layin zai dace a bayansa.

Sai jagora ya fara ba da waƙa:

Jagora: Kai ne ka riga zakara tashi.
Amshi: Gona ta san ka, sha rana.
Jagora: Raɓa ba ta hana ka fita.
Amshi: Gona ta san ka, sha rana.
Jagora: Rumbun bana ya fi na bara.
Amshi: Gona ta san ka, sha rana.

A lura da tsawon layukan jagora. Kowannensu gaɓa tara ne ko goma, kusan daidai da amshin, don haka zagayen kiɗan ya rabu biyu, rabi nasa, rabi na jama'a. Wanda ya ji an yi haka sau uku ya san lokacin da rabonsa zai zo ko idonsa a rufe. Idan daga baya jagora ya ga dama ya tsawaita, ya jera layi huɗu ko biyar kafin ya saki, jama'a ba za su ruɗe ba muddin ya sauka a daidai inda zagayen gangar ya cika.

Yanzu a ce makaɗin nan ya zaɓi ya kafa gindin da cewa manomin ya cika rumbu goma sha biyu a kakar bara ba tare da ya ci bashin kowa ba. Magana ce mai daɗi, kuma mai gonar zai so ya ji ta. Amma ta haura gaɓa ashirin, tana da lissafi a ciki, kuma sai an tsaya shaƙar numfashi a tsakiya. Yaran makaɗin da suka yi gwaji a gida za su iya kai ta. Masu garma kuwa za su kama farkonta su saki, wasu su kama ƙarshenta kawai, sai a ji tsakiyar ta zama gunaguni. Wurin irin wannan magana cikin ɗa ne, a bakin jagora, inda za a faɗe ta sau ɗaya a ji ta sarai.

Gina layin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yadda ake miƙa shi, kuma a nan ake gane wanda ya daɗe a dandali. Abu na farko, jagora da kansa yake fara rera gindin, a natse, kowace kalma a fili. Sai 'yan amshi su karɓa. Yakan sake, su sake, kafin ya shiga ɗa na farko. Wannan maimaitawar ta farko koyarwa ce, ko da yake ba wanda yake kiran ta haka. Ana nuna wa taro kalmomin, ana nuna musu karin, ana kuma nuna musu cewa layin ba na mutum ɗaya ba ne, tun da ga shi har an ji shi daga bakuna daban.

Daga nan sai alamun sauka. Mai sauraro yana bukatar ya san cewa jagora ya gama, kuma jagora ba zai tsaya ya ce ya gama ba. Muryarsa ce take faɗa. Yakan ɗauki farkon ɗa da murya a sama, ya riƙa saukowa, ya dire a ƙasa a kan gaɓar ƙarshe, wani lokaci ya ɗan ja ta. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan gangarowar ko a maganar yau da kullum, domin haka jimla take sauka idan ta zo ƙarshe. Mai kalangu shi ma yana taimakawa. Da yake kalangu ana matsa tsirkiyarsa a hammata a ɗaga sautinsa ko a sassauta, yana iya bin karin gindin sak, har mutum ya ji kamar gangar ce take faɗin kalmomin. Sau da yawa kafin baki ya furta amshi, kalangu ya riga ya tuna wa kowa shi. Ga kuma jiki: jagora ya juya fuska wajen jama'a, ko ya ɗaga hannu ya sauke, ko a zamanin lasifika ya janye makirfo daga bakinsa ya miƙa shi gaba.

Akwai kuma dabarar gajartawa, wadda ake ajiye ta sai wuri ya ɗauki zafi. A misalin manomin nan, idan makaɗi ya ga gumi ya keto kuma garemani suna sauka tare, sai ya yanke gindin ya bar ƙarshensa kawai:

Jagora: Wa ya riga zakara?
Amshi: Sha rana!
Jagora: Wa ya kori ciyawa?
Amshi: Sha rana!

Amshi ya koma gaɓa uku, duk masu nauyi, kuma layin jagora ya koma tambaya. Tambaya tana jawo amsa ko daga bakin wanda bai yi niyya ba, ga shi kuma amsar ɗaya ce, kowa ya san ta. A wannan gaɓar ne waɗanda suka yi ta kallo daga gindin bishiya suke shigowa, har da yara masu kawo ruwa. Sai dai ba a daɗewa a nan. Musayar tana da sauri, tana cin numfashi, idan aka ja ta fiye da kima sai muryoyi su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Gwanin makaɗi yakan mayar da cikakken gindin tun jama'a ba su gaji ba. Wanda kuma ya fara da gajartawar tun daga buɗe waƙa ya ƙona makaminsa, domin ba shi da inda zai ƙara kai taron.

A fada al'amarin daban ne. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, duk da kotso suka yi suna, Salihu Jankiɗi kuma da taushi a fadar Sarkin Musulmi. Duk wanda ya saurari faifansu da kyau zai ji cewa 'yan amshinsu ba gindi kawai suke maimaitawa ba. Jagora yakan fara layi ya bar shi a rataye, su ƙarasa masa. Yakan faɗi magana, su maimaita ta sannan su ƙara tasu a kai. Wani lokaci su ne suke ɗaukar mafi yawan ɗan, shi kuwa ya jefa kalma biyu ko uku kawai don ya nuna musu hanyar da za a bi. Da makaɗin gayyar nan bafade ne, da sai a ji ya ce "Kai ne ka riga", yaransa su tarbe shi da "zakara tashi", su ɗora da wani layi nasu, sannan duka su gangara gindi tare.

Wannan ba ya yiwuwa sai da shiri. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu su tsara waƙa, su yi ta bita har ta zauna kafin ranar salla ko naɗi. Ɗan amshi a irin wannan ƙungiya dole ya haddace ɗiyan waƙar duka, ya kuma san jagoransa sosai har ya gane ɗan da za a shiga daga kalmar farko. Shi ya sa amshi a gidajen kiɗa ya zama makaranta. Yaro yakan shekara da shekaru yana karɓi kafin a ba shi dama ya ja waƙa, kuma babban mataimakin jagora har sarauta gare shi, ana ce masa Daudun kiɗi. Ɗanƙwairo kansa ta wannan hanya ya biyo, ya yi amshi a ƙarƙashin mahaifinsa, sannan a ƙarƙashin wansa, kafin ya ja tasa ƙungiyar. 'Ya'yansa ma a bayansa suka koya.

Mutumin da ya zo kallo a ƙofar fada ba zai iya shiga wannan saƙar ba, kuma ba a nufi ya shiga ba. Waƙar sarki ake yi wa, a gabansa, jama'a shaidu ne. Taro ya ɓarke da rerawa a gaban sarki ba ladabi ba ne. Duk da haka an bar musu hanyoyinsu. Mata suna rangaɗa guɗa idan an ambaci kakannin sarki. Sanƙira yana kutsawa tsakanin ɗiya da kirari, yana fassara abin da makaɗi ya dunƙule, yana shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Fadawa suna ɗaga murya da gaisuwa. Gindin kuwa, da yake shi ma ana komawa gare shi, mutane sukan tafi da shi gida su rera a inda ba sarki. Kuskure ne a ɗauka cewa waƙar da taro bai karɓa ba ta gaza. Ta Narambaɗa an gina ta ne don a yi mamakin yadda muryoyi suke miƙa wa juna magana ba tare da ta faɗi ƙasa ba.

Akwai wani amfani na amshi da ba a cika kula da shi ba, shi ne wajen zambo da habaici. Makaɗi yana yabon ubangidansa, sai ya karkata ya soki wani abokin hamayya ba tare da ya kama suna ba, ya siffanta tafiyarsa ko rowarsa yadda duk garin zai gane. Yana direwa sai gindi ya biyo baya, gindin kuwa yabo ne tsantsa, babu laifi a cikinsa. Amma duk wanda ya karɓa a wannan lokacin ya sa hannu a sukar, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda aka yi wa zambon ba muryar makaɗi kaɗai yake ji ba, yana jin dandali guda yana amincewa. Wannan ne ya sa manya suke tsoron bakin mawaƙi mai jama'a fiye da na mai zaƙin murya.

Idan ana neman inda amshi ya fi zama na kowa da kowa, sai a je wajen mata. A gaɗar 'yan mata a dandali babu ƙungiya babu ganga, tafi ne kiɗan. Ana yin da'ira, ɗaya ta ba da waƙa, sauran su karɓa, in ta gaji ko ta ƙare abin da ta sani wata ta ɗauka. Wadda take jagora yanzu 'yar amshi ce bayan minti biyu. Amsoshin gaɗa gajeru ne ƙwarai, wasu ma ba kalmomi ne masu ma'ana ba, sauti ne kawai da ya dace da tafi, kuma hakan ba aibi ba ne, domin yarinyar da ta fara fitowa dandali daren nan za ta iya shiga tun a zagaye na biyu. Mafi yawan matan Hausa da suka tashi a karkara a nan suka koyi inda ake shiga waƙa da inda ake fita.

Amada ta ɗauki wannan ta kai shi cikin gida, wurin biki da suna. Ana kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin babban masaki ana bugawa, wasu ƙoren kuma a kife a ƙasa, sautin ya cika tsakar gida. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce sunan da ya fi fice a wannan fanni. Tana da matan da suke mata amshi, amma a wurin biki da wuya a ce ga inda ƙungiyarta ta tsaya ga inda 'yan biki suka fara. Dalili kuwa shi ne abin da take waƙa a kai: sana'ar mata, kishi, haihuwa, zaman gidan miji. Matar da take karɓa ba taya mawaƙiya kawai take yi ba, maganar da take cikinta ce aka ba ta damar faɗa da ƙarfi a gaban kishiya da dangin miji, kuma ba wanda zai ce ita ta faɗa. Layi yana iya cika duk sharuɗɗan gajarta da sauƙi amma taro ya ƙi ɗauka, idan babu abin da ya shafe su a ciki.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa ana iya yi ba 'yan amshi sam. Shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Amma ko shi bai bar gurbin a rufe ba: yakan faɗi layi ya yi shiru, kuntigi ya amsa, kuma yana da layukan da yake komawa gare su. Masu sauraro sukan cike gurbin da bakinsu.

Rubutacciyar waƙa ma ta san wannan hanya. Sha'irai masu bege a wurin Mauludi, da ɗaliban Islamiyya ranar saukar karatu, da masu bandiri a zaman Ƙadiriyya, duk sukan sa baiti guda a farko a matsayin amshi, mai karatu ya rera baitoci, jama'a su koma wancan bayan kowane baiti. A nan ƙafiya tana yin aikin da saukar murya take yi a waƙar baka. Idan waƙar mai ƙwar biyar ce, layuka huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo wanda yake sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa kullum yana ƙarewa da babban amsa-amon waƙar. Da zarar kunne ya ji wannan sautin ya dawo, ya san baiti ya cika, sai amshi.

Yadda abin yake lalacewa ma a bayyane yake ga mai lura. Idan aka kafa gindi a muryar da ta yi sama da yawa, jagora mai siririyar murya zai kai, amma maza a taron za su yi ƙasa da ita ko su yi shiru, sai a ji amshin ya rabu biyu. Idan jagora yana shigowa da sabon ɗa tun jama'a ba su rufe baki ba, sau biyu ko uku, sukan ɗauka ba a bukatar su, su koma kallo. Idan makaɗa suka ƙara sauri a hankali ba su sani ba, alamar farko ita ce gaɓar ƙarshe ta amshi ta fara ɓacewa, mutane suna haɗiye ta don su cim ma kiɗan. A babban fili kuma akwai matsalar nisa, domin sauti yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. A cikin daƙiƙa guda mita ɗari uku da arba'in yake ci, don haka wanda yake mita ɗari daga lasifika yana jin kiɗan a makare da kusan sulusin daƙiƙa, ya karɓa a makare, muryarsa kuma ta sake ɗaukar wani sulusin kafin ta dawo wa mawaƙi. Amshi mai kalmomi da yawa a irin wannan fili hayaniya yake zama. Gajere mai dogayen wasula shi yake tsira, saboda ko an ɗan saɓa wajen farawa ana haɗuwa a wajen ja.

Situdiyo ta kawo nata sauyin. A waƙoƙin fina-finai da na siyasa na yanzu ana ɗaukar amshi sau ɗaya, sau da yawa da muryar mace ɗaya da aka ninka ta zama kamar ta mutum biyar, sai a liƙa shi a duk inda ake so a cikin waƙar. Yana fita tsaf, ba kuskure. Mawaƙan siyasa sun fahimci darasin Shata sarai: suna sa sunan ɗan takara ko laƙabinsa a gajeren amshi, su maimaita har yaran unguwa su ɗauka, ciki har da 'ya'yan 'yan adawa. Ta fuskar yaɗuwa wannan ya yi aiki.

Ta fuskar dandali kuwa an yi asara. Mawaƙi da yawa yanzu sukan zo wurin biki da waƙar da aka riga aka ɗauka, a sa ta a na'ura, su riƙe makirfo suna bin ta. Amshin yana cikin faifan, da ƙarfinsa, ko jama'a sun karɓa ko ba su karɓa ba zai fito. Na'ura ba ta jira, ba ta maimaita gindi don an ga wasu ba su kama ba, ba ta gajartawa don wuri ya yi zafi. Sai taro ya koma rawa da liƙi da ɗaukar hoto a waya. Masu wayo a cikin mawaƙan da masu sa kiɗa sun gano magani: idan an zo gindi sai a sauke sautin gaba ɗaya, a bar fili, jama'a su cike da bakinsu, sannan a mayar. Duk wanda ya halarci bikin da aka yi haka ya san a nan ne wurin yake ɗaukar ihu. Matasan mawaƙa da suke son jama'a su riƙe waƙarsu, ya kamata tun a situdiyo su nemi a fitar musu da kwafi na biyu wanda ba a sa muryar amshi a ciki ba, su riƙa zuwa da shi wurin taro.